Wasiƙa zuwa ga masu tace bayanan marasa lafiya bayan sikanin



Kuskuren da ya fi ba da tsoro a wannan aiki shi ne wanda ya fito tsaf, ba alamar komai a jikinsa. Idan manhajar da ke karanta hoton takarda ta maida sunan magani tarkacen haruffa, kowa zai gani ya gyara. Amma idan ta ɗauke sunan magani na gaske ta ajiye wani na gaske a gurbinsa, sai ido ya wuce abinsa.

Ga misali. A katin wani dattijo likita ya rubuta chlorpropamide, tsohon maganin ciwon sukari, 100 mg. Tawada ta kwanta, katin ya sha ninki, manhaja ta kama farkon kalmar ta cike sauran daga ƙamusunta, ta fito da chlorpromazine, maganin taɓin hankali. Rubutun kalmar daidai yake. Adadin ma bai tona asiri ba, domin duka biyun ana yin su a ƙwaya ta 100 mg. Abin da zai ceci dattijon shi ne mai tacewa ya ɗaga ido ya duba sauran fayil ɗin: cutar da aka rubuta sukari ce, ga sakamakon gwajin sukarin jini jere da juna, babu ko layi ɗaya daga likitan ƙwaƙwalwa. Magani da cuta ba su gaisa ba. In aka bar shi haka, ranar da wani likita ya sabunta magani daga allo, dattijo zai rasa abin da ke riƙe masa sukari, ya koma gida da mai sa shi barci da jiri. Irin wannan tagwaitaka tana tsakanin hydralazine na hawan jini da hydroxyzine na ƙaiƙayi, kuma ita ce ta sa a Amurka aka sauya sunan Losec zuwa Prilosec a 1990, saboda ana rikita shi da Lasix.

Wajen adadi, ɗigo guda ke yin ɓarna. Idan digoxin 0.125 mg ya koma 125 mg, girman lambar kansa yana ihu, domin ya ninka sau dubu. Haka levothyroxine idan µg ya rikiɗe ya zama mg. Wanda ke shigewa shiru shi ne warfarin 1.0 mg da ya zama 10 mg, tunda akwai ƙwayar da ke da wannan ƙarfi, ga shi kuwa magani ne mai tsinka jini. Insulin da aka rubuta 6U yana iya fitowa 60. Saboda irin wannan ne hukumar Joint Commission ta Amurka ta hana rubuta U da sifirin da ke bin ɗigo tun 2004, sai dai tsofaffin takardu suna nan cike da su.

To ina za a koma a tabbatar? Da yawa za su ce hoton sikanin. Shi ma hoton yana iya yin ƙarya. A 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya yi sikanin zanen gini da injin Xerox WorkCentre, sai ya ga lambobin faɗin ɗakuna sun sauya. Babu manhajar karatu a ciki ko kaɗan. Tsarin matse hoto mai suna JBIG2 ne ke ajiye siffar lamba ɗaya ya liƙa ta duk inda ya ga mai kama da ita, har 6 ta riƙa komawa 8, garau kamar daga maɗaba'a. Don haka kada a lalata takardar asali kafin a gama tacewa, kuma a tambayi mai kula da injin wane tsarin matsi aka saita.

Abin da ya fi damun mai wannan wasiƙa shi ne gyara da zato. Mai tacewa ya ga methotrexate sau ɗaya a mako, ya ɗauka kuskure ne tunda yawancin magunguna kullum ake sha, ya maida shi kullum. Mako-makon ne daidai ga mai ciwon gaɓoɓi, kuma shan sa kullum ya kashe mutane. Aikin mai tacewa ya tsaya ga daidaita allo da abin da ke kan takarda. In takardar ce kanta ke da shakka, ko ba ta karantuwa, sai ya sa alama ya miƙa wa masanin magunguna ko likita.

Kowane gyara kuma ya bar sawu: abin da manhaja ta fitar, abin da aka maida shi, wanda ya gyara da ranar. Ga insulin, warfarin, digoxin da magungunan yara da ake aunawa da nauyin jiki, don Allah a sa mutum na biyu ya karanta daga takardar da kansa, ba tare da ya ga abin da na farko ya rubuta ba.