Saƙon kamfanin jirgin sama: Kafin ka amsa, duba agogo

Akwai wani nau'in Turanci da kamfanonin jiragen sama kaɗai ke rubutawa. Gajere ne, cike da ladabi, a ƙarshensa kuma ga ban haƙuri, amma idan ka gama karantawa sai ka ga bai gaya maka abin da ya fi damunka ba. Aikina na yau da kullum shi ne gyaran rubutun wasu, don haka 'yan uwa sukan turo min irin waɗannan saƙonni su ce in fassara musu. Na baya-bayan nan daga wani kawuna ya zo, wanda zai tashi daga Abuja zuwa Kano ɗaurin aure. Ga abin da aka aiko masa: "Your flight has been rescheduled due to operational reasons. We regret the inconvenience."

Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce an sauya lokacin tashin jirginka saboda dalilan gudanar da aiki, a yi haƙuri. Kawu ya ce, "To, ɗana, ai ba soke shi suka yi ba, sai in jira." A nan ne nake ganin fasinjan Najeriya ya fi yin asara. Yana ɗaukar kalmar da kamfani ya zaɓa a matsayin hukunci, alhali dokar da ke kare shi ta fi kula da sa'o'i fiye da kalmomi.

Dokar da nake nufi ita ce Sashe na 19 na Ƙa'idojin Sufurin Jiragen Sama na Najeriya, wanda aka sabunta a shekarar 2023, kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ce ke da alhakin tabbatar da shi. Wannan sashe ya bambanta abubuwa uku da mutane kan cakuɗa su. Akwai kulawa, wato abin sha, abinci ko masauki yayin jira. Akwai mayar da kuɗin tikiti, wanda kuɗinka ne da ka biya don hidimar da ba a yi maka ba. Sannan akwai diyya, wadda ƙari ce a kan kuɗinka saboda an ɓata maka shiri. Wanda aka mayar wa kuɗinsa ba a yi masa alfarma ba, kuma karɓar kuɗin bai share batun diyya ba.

Tambaya ta farko da ya kamata mutum ya yi wa kowane saƙo ita ce: yaushe ya iso? A tafiyar cikin gida, idan kamfani ya soke jirgi, ba ya kuɓuta daga biyan diyya sai idan ya sanar da fasinja aƙalla sa'o'i 24 kafin lokacin tashi. A tafiyar ƙasashen waje wa'adin kwana bakwai ne, kodayake a can akwai sassauci ga kamfanin da ya samar da wani jirgi mai tashi da sauka kusa da lokacin asali. Abin lura kuma shi ne, idan gardama ta taso kan ko an sanar da fasinja da lokacin da aka sanar da shi, kamfanin ne zai kawo hujja. Duk da haka, ɗaukar hoton saƙon tare da lokacin da ya shigo waya ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne shaidar da ta fi saurin kawo ƙarshen musu.

Tambaya ta biyu: sa'o'i nawa ne tsakanin tsohon lokaci da sabo? Jinkiri a tafiyar cikin gida yana da matakai. Bayan sa'o'i biyu, fasinja ya cancanci abin sha da ɗan abin taɓawa, da hanyar kiran waya ko aika saƙo. Idan ya wuce sa'o'i uku, yana da damar ya ce ya fasa tafiyar a ba shi kuɗinsa. Idan jiran ya kai shi cikin dare, tsakanin ƙarfe goma zuwa huɗu na asuba, ko lokacin da filin jirgin ke rufe, masauki da motar kai shi da dawo da shi suna kan kamfani. Idan kuwa jinkirin ya haura sa'o'i shida, maganar diyya ta shigo.

Bari mu auna lamarin kawu da wannan ma'auni. Jirginsa na ƙarfe 8 na safiyar Juma'a ne, an ɗaura auren bayan sallar Juma'a. Saƙon ya shigo ƙarfe 9 na daren Alhamis, sa'o'i goma sha ɗaya ke nan kafin tashi, ya ce sabon lokaci shi ne 5 na yamma. Tazarar sa'o'i tara ce. Ko ka kira wannan jinkiri, ya zarce sa'o'i uku da ke ba shi damar karɓar kuɗinsa, ya kuma zarce shida. Ko ka kira shi sokewa, kamar idan lambar jirgin ta canza aka zuba shi a jirgin yamma da dama can yana kan jadawali, sanarwar ba ta kai sa'o'i 24 ba. Ta kowace ƙofa ka shiga, wuri ɗaya za ka fito. Mu ƙaddara kuɗin tikitin naira 120,000 ne. Diyyar cikin gida kashi 25 cikin ɗari ce ta kuɗin tikiti, naira 30,000 ke nan, ta ƙasashen waje kuma kashi 30. Idan ya fasa tafiyar, abin da zai nema shi ne 120,000 ɗinsa da kuma 30,000. Idan ya amince ya bi jirgin yamma, kuɗin tikitin ya tafi a hidimar da aka yi masa, amma diyyar tana nan.

Sai dai akwai ƙofar da kamfani ke fita ta cikinta, kuma halastacciya ce. Ba a biyan diyya idan kamfanin ya tabbatar cewa wani yanayi ne da ya fi ƙarfinsa ya jawo matsalar, wanda ba za a iya kauce masa ba ko da an ɗauki dukkan matakan da suka dace. Hazon hunturu da ke hana matuƙi ganin titin sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano misali ne da kowa ya sani. Ba na goyon bayan fasinjan da ke zagin ma'aikaciyar kanta saboda matuƙi ya ƙi tashi cikin hazo. Wannan ƙin tashin shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi. Amma hazo diyya kaɗai yake kawarwa. Bai mayar da kuɗin tikitinka mallakin kamfani ba.

Shi ya sa jimlar nan ta "operational reasons" take ba ni haushi, a matsayina na mai gyaran rubutu da kuma na fasinja. Jaka ce da komai ke shiga. Tana iya nufin jirgi ya samu matsalar inji, ko ma'aikatan jirgi sun cika sa'o'in aikin da doka ta yarje musu, ko fasinjoji sun yi kaɗan aka haɗe jirage biyu, ko jirgin da zai ɗauke ka ya makale a wani gari tun safe. Kamfanin da yanayi ya hana shi tashi yakan faɗa ƙarara, domin hujja ce a gare shi. Don haka idan na ga an rufe dalili da wannan jimla, nakan shawarci mutum ya nemi a rubuto masa takamaiman dalilin. Bai zama dole ya zargi kowa da ƙarya ba. Tambaya ce kawai, kuma amsarta ce ke raba wanda ake bin diyya da wanda ba a bi.

Wani tarkon yana ƙasan saƙon, inda ake gayyatar fasinja ya latsa "Accept", ko a ce masa an bar tikitinsa a buɗe ya yi amfani da shi nan gaba, ko a ba shi takardar da ke maye gurbin kuɗi. Ga mai yawan tafiya a hanya ɗaya, wannan na iya zama daidai. Ga wanda ɗaurin aure ɗaya ya fito da shi, tikitin da ba shi da rana ba shi da amfani, balle idan farashi ya tashi aka ce ya cika. Ƙa'ida ta ce zaɓi tsakanin karɓar kuɗi da sauya jirgi na fasinja ne, kuma ba a biyan shi da takardar tafiya sai da amincewarsa. Wanda ya latsa maɓallin cikin gaggawa ya bayar da wannan amincewar, ya kuma wahalar da kansa idan daga baya ya ce kuɗi yake so. Lokacin biya ma a ƙayyade yake: wanda ya sayi tikitin cikin gida da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko kati kuma cikin kwana goma sha huɗu. Idan ta hannun wakilin tafiye-tafiye aka saya, kuɗin yakan bi hanyar da ya zo, don haka a tambayi wakilin tun da wuri.

Masu zuwa Turai suna da wata dokar daban da ya kamata su sani, wato ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004. Ta shafi duk jirgin da ya taso daga ƙasashen tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da ke shiga can idan kamfanin na tarayyar ne. Wa'adin sanarwa a can kwana goma sha huɗu ne, diyyar kuma ba kaso ba ce, tsayayyen kuɗi ne gwargwadon nisa: Yuro 250, 400 ko 600. Tafiya kamar Paris zuwa Abuja ta wuce kilomita 3,500, saboda haka tana cikin mataki na sama. Kotun tarayyar ta kuma yanke tun 2008 cewa lalacewar jirgi irin ta yau da kullum ba uzuri ba ce da ke kawar da diyya.

Ra'ayina shi ne NCAA ta wajabta wa kamfanoni wani tsayayyen fasalin saƙo. Ya ƙunshi tsohon lokaci da sabo, dalili na zahiri, da layi ɗaya da ke cewa kana da damar karɓar kuɗinka. Ƙa'ida ta riga ta ɗora musu nauyin sanar da fasinja haƙƙinsa, amma allon da ke maƙale a filin jirgi ba ya amfanar wanda saƙo ya iske a gida da dare. Kuma kamfanin da ya iya tallata rangwame da Hausa a rediyon Kano, bai da hujjar kasa aika wannan layi ɗaya da Hausa.

Kafin a kai ga haka, hanyar da ke akwai ita ce rubutacciyar takarda zuwa ga kamfani da farko, ɗauke da lambar rijistar tikiti mai haruffa shida, lambar jirgi, lokacin da saƙon ya shigo, da adadin da ake nema. Idan an yi shiru ko an ƙi, sai a kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinjoji na NCAA, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jirgi da kuma shafin karɓar ƙorafi. Kawu dai ya kama motar asuba, ya iske ɗaurin auren. Takardar da muka rubuta tare layi biyar ce, kuma mun rubuta kuɗin tikitin a layi ɗaya, diyyar a wani layin daban.