A Fara da Lissafi da Jin Bakin Iyaye Mata

Ma'aikaciyar jinya da za ta kai allurar rigakafi rugar da ke nesa da asibitin sha-ka-tafi, aikinta yana farawa ne da rajista. Idan yara 40 suka karɓi Penta ta farko a mako na 6, amma 28 kaɗai suka dawo ta uku a mako na 14, to yara 12 sun ɓace a hanya, kuma su za a fita nema. Sai ta zauna da arɗo da ungozoma a tsayar da rana, ba ranar kasuwa ba, kuma bayan an gama tatsar nono.

A ganinmu, inda aka fi sakaci shi ne wajen bayani. Uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi da kumburin cinya bayan allura, ba tare da an faɗa mata tun farko cewa hakan yakan faru kuma yakan wuce cikin kwana biyu ba, da wuya ta sake kawo shi. Don haka kafin a buɗe akwatin sanyi, a yi magana da yaren da mutane ke ji, a bar su su yi tambaya, a nuna wa kowace uwa ranar dawowa a katinta.

Muna kira ga ƙananan hukumomi su saki kuɗin man babur a kan lokaci, domin komawa rugar tilas ne bayan mako 4.