Gobara: Jawabin da ya kamata 'yan kasuwar Magarya da Dungas su ji kafin hunturu

A duk shekara idan iskar hunturu ta kaɗa, hankalin masu shaguna a kasuwannin Magarya da Dungas na jihar Damagaram ba ya kwanciya. Rumfuna na manne da juna, wasu na kwano wasu na zana, ga buhunan wake da riɗi, ga mai sayar da fetur a kwalba kusa da mai tuya. Tarihi ma ya isa shaida: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwar birnin ta bi sahu a 2012, ita ma kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda 'yan kasuwar kan iyaka da dama ke sari, ta yi mummunar gobara a 2016.

Bayan kowace gobara, abin da aka saba gani shi ne jaje da addu'a da gudummawar da ba ta kai jarin mutum ɗaya ba. Saboda haka akwai jawabin da ya dace shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tsaya su yi wa mambobinsu: a haɗu a sayi inshorar gobara guda ɗaya da sunan ƙungiya. Amma jawabin ba zai yi amfani ba sai ya fito da lissafi ƙarara, ya kuma faɗi inda ake faɗuwa.

Tambayar farko da za ta taso daga taron ita ce, me ya sa ba za a buɗe asusu ba kamar adashe? A ɗauki misalin ƙungiya mai mambobi 200, kowa na da kayan da suka kai sefa miliyan 1 da rabi a tsaka-tsaki. Jimillar dukiyar ta kama miliyan 300. Idan suka tara miliyan 3 a shekara suka ajiye a asusunsu, kuɗin shago biyu kawai suka tara. Adashe na tafiya ne domin mutum ɗaya ke kwasa a lokaci guda, ita kuwa gobarar kasuwa layi guda take lashewa a dare ɗaya. Kamfanin inshora na iya ɗaukar wannan nauyi saboda yana karɓar kuɗi daga dubban mutane a garuruwan da ba za su ƙone rana ɗaya ba, kuma shi ma yana raba haɗarin da wasu manyan kamfanoni.

Sai batun rabon kuɗi, wanda shi ke raba kan ƙungiya idan ba a yi adalci ba. Bai dace kowa ya biya daidai wa daida ba, kowa ya biya gwargwadon kayansa. A ƙaddara kamfani ya yanke kashi 1 cikin 100 a shekara, misali ne kawai, domin ainihin farashi sai wakilinsa ya zo ya ga kasuwar. Mai atamfa da ke da kayan miliyan 4 zai biya jika 40. Mai kayan masarufi na miliyan 1 zai biya jika 10, wato ƙasa da dala 40 a kowane mako. Ribar shiga a ƙungiyance ita ce yarjejeniya ɗaya ce, ga bakin ciniki, sannan ƙaramin ɗan tireda da kamfani ba zai taka har Dungas dominsa ba ya samu shiga.

A nan ne dole mai jawabi ya yi gargaɗi na farko. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yaounde a 1992. A ƙarƙashin sashe na 13 na dokar, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Ma'ana, idan mambobi sun zuba kuɗi amma ma'aji ya riƙe su a hannunsa yana jiran sauran, wuta ta tashi a daren, babu wanda za a biya. Don haka ƙungiya ta fara tarawa tun watanni kafin wa'adi, ta biya gaba ɗaya, ta karanta rasidin kamfani a bainar taro, sannan kowane mamba ya ga sunansa da lambar shagonsa da darajar kayansa a jerin da aka maƙala wa yarjejeniyar.

Gargaɗi na biyu ya shafi ɓoye dukiya. Ɗan kasuwa ba ya son a san ƙarfinsa, ko don tsoron haraji ko don bakin mutane. To amma a koma kan mai atamfar nan. Kayansa na miliyan 4 ne, sai ya rubuta miliyan 2 don ya biya jika 20. Gobara ta cinye masa kayan miliyan 3. Masanin da ke ƙiyasta asara zai duba ya ce rabin dukiyarsa ya sa a inshora, don haka rabin asarar za a biya, wato miliyan 1 da rabi. Idan kuma yarjejeniyar ta ce mai kaya ne zai ɗauki jika 100 na farko, abin da zai shiga hannunsa miliyan 1 da jika 400 ne. Ya tsira da jika 20, ya yi asarar miliyan 1 da rabi. Wanda ya ƙara wa kayansa kuɗi shi ma bai ci riba ba, domin ba a biyan fiye da abin da ya ƙone. Masu cika shago gabanin Sallah ko lokacin kaka su sanar da kamfani a ƙara musu adadin.

Ranar da abin ya faru, matakan a bayyane suke. A kira masu kashe gobara, a ceci abin da za a iya ceta. A sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da ke cikin yarjejeniya, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, kuma a karɓi shaidar cewa takardar ta isa. A nemi rahoton jandarma ko 'yan sanda. A ɗauki hotuna, kada a share toka ko a sayar da ƙonannen kwano kafin masanin ya zo. Daga nan kowane mamba ya kawo jerin abin da ya rasa tare da hujja.

Hujjar nan ita ce raunin 'yan kasuwar kan iyaka. Da yawa na sari a Kano ko Maigatari da naira, ba rasidi, littafin bashi kuma yana kwana a shagon da zai ƙone tare da shi. Maganin mai sauƙi ne: a riƙa rubuta kaya duk wata da darajarsu a sefa, a ɗauki hoton shafin da waya, a ajiye kwafi a gida da kuma wurin sakataren ƙungiya.

Akwai abin da jawabin bai kamata ya ɓoye ba. Kamfani na iya ƙin rumfunan zana ko ya tsauwala musu kuɗi. Ajiye fetur a shago ba tare da an bayyana ba na iya rage diyya ko ya rushe ta. Tsabar kuɗin da aka bari a akwati galibi ba sa cikin lissafi. Masu shakka ta fuskar addini kuma suna da damar tambayar tsarin takaful, wanda CIMA ta yi wa doka a 2019, su kai takardar gaban malamansu.

Aikin farko dai ba ya buƙatar ko dala: ƙungiya ta zaga layi-layi ta rubuta shaguna da kayansu, ta kai jerin ga kamfanoni biyu ko uku masu lasisi, ta dawo da farashinsu gaban mambobi kafin iska ta juya.