Ladabi Dabam, Bara Dabam: Gyaran Takardar Neman Hutu da Turanci

Takardun neman hutu da yawa sukan biyo ta hannunmu, na malaman makaranta da na akawuna, kuma galibinsu kai ka ce mutum guda ne ya rubuta su. Ga irin wadda muke nufi. Wani malamin aji huɗu yana son kwana uku domin ya kai mahaifiyarsa asibiti, sai ya rubuta wa hedimasta haka:

"Sir, I most humbly and respectfully beg to submit this my humble application, praying that you may out of your usual kindness grant me some days. I have the honour to be, Sir, your most obedient servant."

Watau yana cewa cikin matuƙar ƙanƙan da kai yana roƙon a karɓi 'yar takardarsa, a dube shi da idon rahama a ba shi 'yan kwanaki, shi ne bara mai biyayya. To, mai karatu, sa kanka a matsayin hedimasta. Kwana nawa ake nema? Daga yaushe zuwa yaushe? Don me? Wa zai riƙe aji huɗu? Ko ɗaya takardar ba ta faɗa ba. Tilas hedimasta ya aika a kirawo malamin ya tambaye shi da baki, ko kuwa ya mayar masa da takardar ya sake wata. Kafin a gama wannan kai da kawowa ranar ganin likita ta matso, wataƙila ma ta wuce. Ra'ayinmu shi ne, wannan takarda da ta fi kowace yawan kalmomin ladabi, ita ce ta kasa yin ladabin da ya fi amfani, watau sauƙaƙa wa shugaba aikinsa.

Ba laifin malamin ba ne shi kaɗai, gado ya tarar. Rufe takarda da "your obedient servant" al'adar ofisoshin gwamnatin Ingila ce ta dā, Turawan mulki suka zo da ita. Akawunan En'e na farko suka koya daga fayil, na bayansu suka kwafa daga gare su, har En'e ta kau aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, amma kalmomin suna nan a bakin alƙalami. Abin mamaki, masu harshen sun daɗe da soma gudunsu. Ma'aikatar Baitulmalin Ingila ita ce ta nemi Sir Ernest Gowers ya rubuta wa ma'aikata littafin koyon rubutu mai sauƙi, aka buga shi da sunan Plain Words a 1948, sa'an nan aka haɗa shi da na biyunsa aka fitar da The Complete Plain Words a 1954. Masu riga sun tuɓe ta, mu da muka ara muna ta fama da ita cikin zafi.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa waɗannan kalmomi suka kama mu. Mu mutane ne masu girmama na gaba. Bahaushe ba ya faɗa wa babba bukatarsa sai ya gaishe shi, ya ce ranka ya daɗe, ya tambayi iyali da gajiya. Da ɗan makaranta ya ga "humbly beg" sai ya zaci ya sami "ranka ya daɗe" ta Turanci. Alhali kuwa ba haka ba ne. Addu'armu tana ɗaukaka wanda ake yi wa magana, ba ta kuwa ƙasƙantar da mai yinta. Amma kalmar "beg" a kunnen mai jin Turancin yau ma'anarta ta kusa ita ce bara, irin ta mai ƙoƙo a bakin kasuwa. Asalinta a cikin takardu gajarcewa ce ta "beg leave", watau neman izinin yin magana, amma wannan ma'ana ta tsufa. Ita kuwa "humbly", mutumin da ya yawaita kiran kansa mai tawali'u, Turawa sukan yi masa kallon mai daɗin baki. A cikin littafin David Copperfield na Charles Dickens, wanda aka kammala bugawa a 1850, akwai wani akawu Uriah Heep, kullum bakinsa ba ya rabuwa da ambaton ƙanƙan da kansa, ashe macuci ne. Ba ma so a karanta takardar malaminmu a tuna da shi.

Har wa yau, a duba matsayin abin da ake nema. Hutu ba sadaka ba ne, yana cikin sharuɗɗan aiki da aka rubuta. Amma kuma ba a ɗaukarsa sai da yardar shugaba, gama shi ne ya san ko aiki zai iya jure rashinka a wannan lokaci. Saboda haka mai neman hutu ba mabaraci ba ne, ba kuwa mai ba da umurni ba. Mai neman izini ne, kuma Turanci yana da kalmomin da suka dace da wannan matsayi daidai.

A madadin "I humbly beg to apply" sai a ce "I am writing to request" ko kuwa "I should like to apply for", watau na rubuto ne domin in nemi kaza. A madadin dogon kirarin alherin shugaba sai a ce "I would be grateful if you could", watau zan yi godiya idan za ka iya. A lura da "would" da "could" ɗin nan, gama a cikinsu ladabin Turanci yake ɓoye. Suna nuna cewa ba ka yanke wa shugaba hukunci ba, ka bar masa zaɓi ya yarda ko ya ƙi. A ƙarshe kuma "Thank you" guda ɗaya ta isa. Ga yadda takardar malaminmu za ta zama in an gyara ta:

"Dear Sir,

Request for three days' leave

I am writing to request three days' leave, from Monday 6 March to Wednesday 8 March, in order to take my mother to hospital. The Class Five teacher has agreed to take my lessons, and I have left work for the pupils. I shall resume duty on Thursday 9 March.

I would be grateful if you could approve this request. Thank you.

Yours faithfully,"

Sai sa hannu, da cikakken suna, da muƙami a ƙarƙashi. Bari mu bi ta a hankali. Kan magana yana sama, saboda akawun da zai sa ta a fayil ya san inda za ta tun bai karanta ba. Jimla ta fari ta faɗi yawan kwanaki, da ranar farawa, da ranar ƙarewa, da dalili. Dalilin a taƙaice yake, ba a zayyana ciwon tsohuwa ba, domin wannan sirrinta ne, ba na ofis ba. Jimla ta biyu ta amsa abin da ya fi damun kowane hedimasta, watau kada yara su zauna babu malami: malamin aji biyar ya yarda zai riƙe darussan, an kuwa bar wa yara aikin yi. Amma fa kada a rubuta haka sai an tambayi malamin aji biyar ɗin ya amsa da bakinsa. Jimla ta uku ta faɗi ranar komowa aiki, don kada gardama ta tashi daga baya a kan ko Laraba ce ko Alhamis. An kuma rubuta sunan wata da haruffa. Wanda ya rubuta 6/3, mai bin tsarin Ingila zai karanta shida ga Maris, mai bin na Amirka kuwa uku ga Yuni. Haka nan a bar "inst." da "prox." da ake gani a tsofaffin fayiloli da nufin wannan wata da watan gobe, kaɗan ne suke gane su yanzu.

Ga wata ƙa'ida ƙarama da ake yawan tuntuɓe a kanta. Idan aka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai a rufe da "Yours faithfully". Idan kuwa aka ambaci sunan shugaban a wajen buɗewa, sai a rufe da "Yours sincerely". Wannan shi ne tsarin Ingila wanda ofisoshinmu suke bi.

Sai dai muna gargaɗi, kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Mun ga waɗansu matasa da aka ce musu su bar "humbly beg", sai suka koma rubuta "I want three days" ko "I will be absent on Monday". Ta farko bukata ce tsirara babu sutura, ta biyu kuwa sanarwa ce, kamar mutum ya riga ya ba kansa izini. Wannan rashin kunya ne a Turanci kamar yadda yake a Hausa, ya kuwa fi na farko muni. Hanyar gane ko takarda ta tsaya a tsakiya mai sauƙi ce. Karanta ta da ƙarfi, kamar kana tsaye gaban shugaban a ofishinsa. In akwai jimlar da za ka ji nauyin faɗinta saboda ta yi kama da bara, cire ta. In akwai wadda za ta sa ya ɗaga kai ya harare ka, sassauta ta da "would" ko "could".

Mun san waɗansu za su ce, ai akwai dattawan shugabanni da suka saba da tsohon salo, in ba su gan shi ba sai su ga kamar an raina su. Muna jin wannan, ba mu kuwa ce a yar da girmamawa ba. "Sir" tana nan, ba ta tsufa ba. Bin hanya yana nan: takardar da za ta je wurin babban jami'i ta bi ta hannun hedimasta ko shugaban sashe, kada a tsallake shi. Inda ofis yake da fom na hutu, a cika shi yadda aka tsara. Sa'an nan a miƙa takarda da wuri, da zarar an san ranar, ba da safiyar tafiya ba, sai dai in lalura ce ta faɗo farat ɗaya. Ba mu taɓa ganin shugaban da ya yi fushi don an ba shi takarda gajera, bayyananniya, a kan kari ba. Gaisuwa da addu'a kuwa, a yi su da Hausa sa'ad da ake miƙa takardar, can ne suke da daɗin ji.

Kiranmu na ƙarshe ga malaman da suke koyar da rubutun wasiƙa ne, da manyan akawuna masu horar da sababbi. Yaro abin da ya gani a allo shi yake kwafa, sabon akawu kuwa abin da ya tarar a fayil. A ba su aiki irin wannan: a rubuta tsohuwar takarda a allo, a sa su ja layi ƙarƙashin kowace kalmar da ba ta gaya wa shugaba kome ba, sa'an nan su nemo abubuwa huɗun da suka ɓace, watau yawan kwanaki, da ranaku, da dalili, da mai riƙon aiki. Darasi guda ya isa su ga bambancin da idonsu. Allah ya sa mu dace, amin.