Ba Facebook ne ya riƙe tallanka ba, sakamako ne bai kai 50 ba

Masu sayar da shinkafar Bakalori da atamfa ta waya a Talata Mafara, Bakura da Maradun suna da wani kuka iri ɗaya: sun biya talla, mako ya zagayo, amma a Ads Manager, ƙarƙashin Delivery, har yanzu "Learning" suke gani, ko ma "Learning limited". Wasu kan ce an toshe musu asusu ne. A ganina, laifin na lissafinmu ne.

Idan ka saki sabon talla, na'urar Meta ba ta san wanda zai saya ba. Sai ta riƙa nuna shi ga mutane iri-iri, tana lura da masu amsawa. Ƙa'idar kamfanin ita ce kowane rukunin talla, wato Ad set, yana buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana 7 kafin ya daidaita. Sakamako kuwa shi ne abin da ka zaɓa a ƙirga maka, ko saƙon WhatsApp ko sayayya.

A ce mai shinkafa a Mafara yana kashe naira 3,000 kullum, wato 21,000 a mako. Idan kowane saƙo na cin naira 700, saƙonni 30 zai samu. Tun nan bai kai ba. Sai kuma ya raba kuɗin gida uku: rukunin Mafara, na Bakura, na Maradun. Kowanne ya tashi da 10, alhali ba a haɗa musu ƙirga. Don ya kai 50, sai ya kashe 35,000 a mako, wato 5,000 kullum, a rukuni guda.

Sai gaggawa. Ranar Talata kasuwa ta ci, bai ga ciniki ba, sai ya canza hoto ko garuruwan da ya zaɓa. Irin wannan gyaran yana mayar da ƙirgar farko. Tamkar mai tone iri ne kullum don ya ga ko ya tsiro.

Shawarata: haɗe rukunan su zama ɗaya, ka ƙara Gusau da Sakkwato idan kana iya aika kaya can, sannan ka cire hannunka har mako guda. Kafin ka biya, ninka kuɗin saƙo ɗaya sau 50. Idan aljihunka bai kai ba, ka sani tun farko.

Amma kada ka koma sayen danne-danne masu arha don kawai ka ga "Active". Na'urar za ta nemo maka masu dannawa ne, ba masu saye ba. "Learning limited" ba hukunci ba ne, talla na ci gaba da fita. Idan saƙonni 30 suna sayar maka da buhunan da suka mayar da kuɗin talla har da riba, bar shi ya yi aikinsa.