In buhu ya danne ɗan dako, a rubuta abin da ya faru

A sitocinmu na Kaélé da Garoua, da zarar hatsari ya auku, tambayar farko ita ce "wa ya yi?" A ganina wannan tambaya ce ke sa hatsarin ya sake dawowa. Yaron da ya san za a zabtare masa kuɗi ko a sallame shi ba zai faɗi gaskiya ba, sai ya ce tsautsayi ne, a yi jaje a watse.

Abin da nake ba 'yan kasuwa shawara shi ne takarda shafi ɗaya, a rubuta ta a ranar, tun ba a manta ba.

A ce tarin shinkafa ya zube a sito, buhu mai kilo 50 ya danne ƙafar ɗan dako. Takardar za ta faɗi rana da lokaci, da cewa an jera buhu 18 a tsaye, da cewa katakon ƙasa ya ruɓe saboda yoyon kwano, da cewa an zaro buhu daga tsakiyar tari don mota na jira, da lokacin da aka kai shi asibiti. Kada a rubuta "wane ya yi sakaci". Wannan hukunci ne, ba abin da ido ya gani ba. Ku lura, an riga an sami dalilai uku, biyu daga ciki kuwa gyaransu na hannun maigida. Da korar yaro aka yi, ruɓaɓɓen katakon na nan yana jiran na gaba.

Sai gyara. "A riƙa kula" ba gyara ba ne, domin ba wanda aka ɗora wa. A rubuta cewa mai kula da sito zai sauya katako kafin Juma'a, maigida zai biya kafinta ya toshe yoyo, sarkin 'yan dako zai tabbatar ana ɗauka daga sama. A nan ne sunaye ke shiga, wajen rabon aiki. A karanta wa kowa da Hausa ko Fulatanci, tun da ba duka ke karatu ba.

Wani zai ce, "Malam, ai wannan sai manyan kamfanoni irin SODECOTON." To, dokar Kamaru ta 13 ga Yuli 1977 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya sanar da CNPS hatsarin aiki cikin kwanakin aiki uku. Wanda ya rubuta takardarsa a ranar, ya riga ya tara abin da za a tambaye shi. Amma takardar ba ta maye gurbin sanarwar, ba ta maye shaidar likita, kuma ba ta sauke wa maigida kuɗin maganin yaro.

Bayan mako biyu a ɗauko ta, a shiga sito a duba ko an sauya katakon.