Jan Rubutu A Bayan Shafi: Yadda Ake Gane Inda Matsala Take

Lokacin rajistar JAMB ko duba sakamakon WAEC da NECO, duk wanda ya leƙa kafe-kafen da ke tsakanin Ƙofar Mata da Mandawari zai ji kalma guda na yawo: "Ba natuwok." Shafi ya ƙi buɗewa, ba natuwok. An danna maɓalli bai motsa ba, ba natuwok. Sau da yawa kuwa natuwok lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani wuri daban. Burauza kanta tana faɗin inda take, sai dai a ɓoye. A wannan makon za mu koyi karanta wannan bayani.

A kwamfuta, idan muna cikin Chrome, sai mu danna `F12`, ko mu haɗa `Ctrl+Shift+J`. Wani ɓangare zai buɗe a gefe ko a ƙasa. A samansa akwai sunaye a jere, biyu ne suka dame mu: `Console`, inda ake rubuta kurakurai da ja, da `Network`, inda ake jera duk abin da burauza ta nema. Chrome na wayar Android ba ya nuna wannan ɓangare, shi ya sa yawanci hotonsa ake ɗauka daga kwamfuta a turo.

Kafin mu karanta, mu fahimci abin da ke faruwa. Shafi ba dunƙule guda yake zuwa ba. Burauza kamar ɗan aike take, tana zuwa wurin wata babbar kwamfuta mai suna saba, ta karɓo rubutu, ta koma ta karɓo hoto, ta sake komawa ta kai fom. Kowace tafiya, saba na ba da amsa da lamba mai alƙaluma uku. Waɗannan lambobi suna cikin ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya fara tsarawa a cibiyar bincike ta CERN, kuma ma'anarsu ɗaya ce ko'ina a duniya.

Alƙalamin farko shi ne mabuɗi. Lambar da ta fara da 2, kamar 200, tana nufin an samu biyan buƙata. Wadda ta fara da 4 tana nufin saba ta ji saƙon, amma ta ga aibu a cikinsa. Wadda ta fara da 5 kuwa tana nufin saba ce da kanta ta gaza. Mu ɗauka an aiki yaro Kasuwar Kurmi. Mai shago ya duba ya ce, "Wannan kaya ba mu da shi." Wannan 404 ke nan. Idan kuma ya karɓi saƙon, ya shiga ciki, kanta ta rufto masa, ya fito ya ce, "Yi haƙuri, abu ya rikice," wannan 500 ce. A duka biyun, yaron ya isa kasuwa ya dawo da amsa. Wato duk inda muka ga lamba, natuwok ya yi aikinsa.

Ga misalin hoton da ɗaliba za ta iya turowa bayan fom ɗin wata makaranta ya ƙi shiga. Sunan shafin na misali ne kawai:

```
GET https://makaranta.example/favicon.ico 404 (Not Found)
GET https://makaranta.example/hotuna/fasfo17.JPG 404 (Not Found)
POST https://makaranta.example/api/rajista 500 (Internal Server Error)
```

Layi uku ne, duk ja, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kowane layi yana da kashi uku: abin da aka yi, adireshin da aka nufa, da amsar da aka samu. `GET` na nufin burauza ta je karɓowa, `POST` kuma ta je kaiwa.

Layin farko ba abin damuwa ba ne. `favicon.ico` ɗan ƙaramin tambari ne da ke fitowa kusa da sunan shafi a can sama. Burauza na nemansa da kanta, kuma shafuka da yawa ba su da shi. Rashinsa ba ya hana fom shiga.

Layi na biyu ya bayyana dalilin da ya sa gurbin hoton fasfo ya zama fanko. Saba ta ce babu fayil mai wannan suna a wannan wuri. Ko dai hoton bai hau ba tun farko, ko an canza masa wuri, ko kuma sunan ya saɓa. Mu lura da `JPG` da manyan baƙaƙe. Saba mai aiki da Linux tana bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, don haka a wurinta `fasfo17.JPG` da `fasfo17.jpg` fayil biyu ne daban. Abin da ɗaliba za ta iya yi a nan shi ne ta sake ɗora hoton. Idan 404 ta fito a kan shafin gaba ɗaya, sai a duba adireshin harafi bayan harafi.

Layi na uku shi ne ainihin matsalar. `POST` ne, ya nufi `rajista`, kuma ya dawo da 500. Ma'ana bayanan ɗalibar sun isa, amma manhajar da ke can ta faɗi tana cikin aiki. Sayen sabuwar data ba zai gyara ba, canza kafe ma haka. Masu kula da shafin ne kaɗai za su iya.

A nan ne ake asarar kuɗi. Lambar 500 ba ta faɗin a wane mataki aka tsaya. Mai yiwuwa an riga an ajiye sunan, ko an cire kuɗin, kafin abin ya rikice. Wanda ya yi ta danna maɓalli sau biyar zai iya biya sau biyu, ko ya cinye damar katin duba sakamako, tunda katin yana da iyakar sau nawa ake amfani da shi. Saboda haka mu dakata. Mu duba saƙon banki, mu duba imel, mu sake shiga shafin mu ga ko rajistar ta bayyana, sannan mu yanke shawarar sake turawa.

Lambar 500 tana da 'yan uwa. Idan muka ga 503, saba ba ta iya aiki a lokacin, galibi saboda cunkoso ko gyara, kamar yadda ake gani ranar da sakamako ya fito. Ita 504 tana nufin wata saba da ke tsakani ta jira amsa har ta gaji. Maganin biyun jira ne, a dawo lokacin da mutane suka ragu.

To yaushe ne laifin natuwok da gaske? Lokacin da babu lamba kwata-kwata, sai rubutu irin `net::ERR_INTERNET_DISCONNECTED` ko `net::ERR_CONNECTION_TIMED_OUT`. Ɗan aiken bai dawo da amsa ba ke nan. Sai mu gwada buɗe wani shafi daban. Idan shi ma ya ƙi, matsalar tana wajenmu. Idan ya buɗe, to hanyar zuwa wancan shafin ce ta toshe, ko sabarsa ta mutu.

Idan za mu kai ƙorafi, mu buɗe `Network` tukuna, domin ba ya rubuta abin da ya wuce kafin a buɗe shi. Mu sa alama a `Preserve log` don kada jerin ya goge idan shafi ya sauya. Mu ɗauki hoton da ke nuna cikakken layin, mu rubuta rana da lokaci. "Na tura fom ƙarfe 10:20 na safe, `rajista` ta ba da 500" ya fi "shafinku ba ya yi" amfani nesa ba kusa ba.

Kafin turawa, mu karanta adireshin da kyau. Wani lokaci lambar jarrabawa ko lambar sirrin kati na fitowa a ciki, sai a rufe ta, musamman idan hoton zai shiga zauren WhatsApp. Haka kuma, duk wanda ya ce mu manna wani rubutu a cikin `Console` don shafi ya buɗe, kada mu yarda. Abin da aka manna a nan yana aiki ne da sunanmu, kuma ta haka ake sace asusun mutane.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.